Shekarun Hankali da Shekarun Haihuwa: Yadda Tsohon Lissafin Basira Ya Tashi da Inda Ya Karye

Duk wanda ya taɓa jin an ce wani yaro ɗan shekara goma yana da hankalin ɗan shekara bakwai, ko kuma an ce wata yarinya ta ci maki 130 a gwajin basira, ya ci karo da ragowar wani lissafi da aka ƙirƙira a Turai kafin Yaƙin Duniya na Farko. Lissafin yana da sauƙin da ɗalibin firamare zai iya yin sa a allo: a ɗauki shekarun hankali, a raba su da shekarun haihuwa, a ninka sakamakon sau ɗari. Sauƙin ne ya sa ya bazu, kuma sauƙin ne ya ɓoye aibinsa shekaru masu yawa, domin ya haɗa abubuwa biyu waɗanda sunansu ɗaya amma jinsinsu daban. Shekarar haihuwa wata goma sha biyu ce ga jariri da dattijo. Shekarar hankali kuwa ba ta da tsayayyen tsawo, kuma akwai lokacin da take daina wanzuwa gaba ɗaya.

Labarin ya faro ne daga birnin Paris. Faransa ta wajabta karatun firamare tun 1882, don haka azuzuwa suka cika da yara iri-iri, har da waɗanda ba sa iya bin darasi yadda sauran suke bi. A 1904 ma'aikatar ilimi ta kafa kwamiti don duba yadda za a koyar da irin waɗannan yara, kuma Alfred Binet, masanin halayyar ɗan Adam, yana cikinsa. Abin da ya dame shi shi ne wa zai yanke hukuncin cewa wannan yaro a kai shi aji na musamman, wancan a bar shi. Malami na iya tura yaron da ya addabe shi da ƙiriniya, likita kuma na iya yin hukunci da duban ido kawai. Binet da abokin aikinsa, likita Théodore Simon, suka fitar da jerin tambayoyi da ayyuka 30 a 1905, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A wannan bugu na farko ba a rarraba tambayoyin bisa shekaru ba.

A gyaran 1908 ne aka yi abin da ya haifi batunmu. An ɗauki kowane aiki aka gwada shi a kan yaran makaranta masu shekaru daban-daban, aka ajiye shi a shekarar da galibin yaranta suke iya yin sa, alhali galibin waɗanda ba su kai ta ba suna kasawa. Ɗan shekara uku yakan nuna hancinsa da idonsa da bakinsa in an tambaye shi. Ɗan shekara biyar yakan kwafi zanen murabba'i, ya kuma ɗaga ƙananan akwatuna biyu ya faɗi wanda ya fi nauyi. Ɗan shekara takwas yakan ƙirga daga ashirin ya koma baya, ya kuma faɗi bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi ba tare da an ajiye su a gabansa ba. Idan yaro ya iya ayyukan 'yan shekara bakwai amma ya kasa na 'yan shekara takwas, sai a ce matakinsa na shekara bakwai ne, ko da an haife shi shekara tara da suka wuce. Binet ya fi amfani da kalmar mataki. Masu fassara da magadansa ne suka yayata lafazin shekarun hankali, kuma wannan sauyin kalma ba ƙaramin abu ba ne, domin mataki wuri ne a kan tsani, shekara kuwa tana sa mai sauraro ya zaci an auna wani adadi.

Ya kamata a tsaya a nan a fahimci abin da shekarun hankali suke nufi a zahiri. Ba wani abu ba ne da ke cikin kan yaro ana ciro shi a auna. Kwatanci ne da wasu yara da aka riga aka gwada. In an ce shekarun hankalin yaro takwas, ma'anar ita ce abin da ya ci a wannan gwaji, a wannan rana, ya yi daidai da abin da matsakaicin ɗan shekara takwas na cikin waɗancan yara ya ci. In aka sauya yaran da aka kafa ma'aunin a kansu, ko aka matsar da tambaya ɗaya daga shekara bakwai zuwa shida, lambar za ta sauya ba tare da yaron ya sauya ba. An kuwa yi ta matsar da tambayoyin: kwafin zanen lu'ulu'u mai kusurwa huɗu yana shekara bakwai a bugun 1908, ya koma shekara shida a bugun 1911, sannan a Amurka aka mayar da shi bakwai.

Binet bai raba komai da komai ba. Ɗebewa yake yi. Yakan cire matakin yaro daga shekarunsa na haihuwa ya ga tazarar da ke tsakani, kuma ƙa'idar da aka bi a aikace ita ce, tazarar shekara biyu a ƙaramin yaro wanda bai kai tara ba, ko ta shekara uku a wanda ya wuce tara, alama ce ta cewa yana bukatar koyarwa ta musamman. Kasancewar ƙa'idar ta zo da awo biyu ya nuna cewa shi ma ya ga matsalar. Ɗan shekara huɗu da yake a matakin ɗan shekara biyu yana cikin hali mai tsanani, mai yiwuwa ko magana bai kama sosai ba. Ɗan shekara goma sha biyu da yake a matakin ɗan shekara goma kuwa yana karatu, yana rubutu, ana aiken sa kasuwa ya dawo da canji daidai, sai dai yana baya-baya a aji. Tazararsu ɗaya ce a takarda, shekara biyu-biyu, amma babu malamin da zai ce halinsu ɗaya.

Binet ya rasu a 1911. A 1912 wani Bajamushe, William Stern, wanda ke koyarwa a Breslau, ya ba da shawarar a daina ɗebewa a koma rabawa. Hujjarsa ta fito ne daga abin da aka lura da shi a yaran da ke baya: tazararsu tana ƙaruwa da shekaru. Yaron da yake a matakin huɗu yana ɗan shekara biyar, sau da yawa akan same shi a matakin takwas yana ɗan shekara goma. Da ɗebewa, sai a ce lamarinsa ya ninka muni, daga shekara ɗaya zuwa biyu. Da rabawa kuwa, huɗu cikin biyar da takwas cikin goma duk abu ɗaya ne, wato 0.8, kuma sai a fahimci cewa yaron yana tafiya ne da saurinsa da ya saba. Yaran nan biyu na ɗazu su ma sai suka rabu yadda hankali zai yarda: na shekara huɗu ya sami 0.5, na shekara goma sha biyu ya sami 0.83. Lewis Terman na Jami'ar Stanford da ke California a Amurka ya karɓi wannan shawara a gwajin da ya fitar a 1916, wanda aka fi sani da Stanford-Binet, tare da ninkawa sau ɗari don a rabu da ɗigo. Ga yadda ake rubuta shi a littattafai, inda IQ yake nufin sakamakon rabawar basira, wato intelligence quotient da Turanci, MA ke tsaye a madadin shekarun hankali, CA kuma shekarun haihuwa:

```
IQ = (MA / CA) × 100
```

Don a ga yadda lambar take fitowa, bari mu bi gwajin wata yarinya da muka ƙaddara, mai shekara tara da wata biyu, bisa tsarin 1916. A wannan tsari, daga shekara uku zuwa goma kowace shekara tana da ayyuka shida, don haka kowane aiki yana da darajar wata biyu. Mai gwaji yakan fara kusa da shekarun yaro, ya yi ƙasa har ya sami shekarar da yaron ya ci dukkan ayyukanta, wadda ita ce tushe, sannan ya yi sama har ya kai shekarar da bai ci ko ɗaya ba. A ce yarinyar ta ci duka shida na shekara bakwai, ciki har da maimaita lambobi biyar da ɗaure igiya da kwafin zanen lu'ulu'u. Tushenta ke nan, wata 84. A shekara takwas ta ci huɗu, an ƙara mata wata takwas. A shekara tara ta ci biyu, wata huɗu. A shekara goma ta ci ɗaya kacal, wata biyu, a mataki na gaba kuma ba ta ci komai ba, sai aka tsaya. Jimilla wata 98, wato shekara takwas da wata biyu. Shekarunta na haihuwa wata 110 ne. In aka raba 98 da 110 aka ninka sau ɗari, ana samun 89.

Abubuwa biyu suna fitowa fili daga wannan lissafi. Na farko, yarinyar ba ta yi kama da matsakaiciyar 'yar shekara takwas da wata biyu ba ta kowace fuska. Ta faɗi ayyuka biyu na 'yan shekara takwas, ta kuma ci wani na 'yan shekara goma. Wata yarinyar za ta iya tara wata 98 ɗin ta hanyar cin ayyuka daban sarai, wata ta ƙarfin hadda, wata ta yawan kalmomi, amma takarda za ta ba su lamba ɗaya. Na biyu, lambar tana rataye ne a kan sanin ranar haihuwa har zuwa wata. Da an yi kuskure aka rubuta wa yarinyar shekara goma da wata biyu, da ta tashi da 80. Da an rage mata shekara ɗaya, da ta tashi da 100 cif. Amsoshinta ba su sauya ba, amma an yi tafiyar maki ashirin tsakanin kuskuren biyu. A Paris da California akwai rajistar haihuwa da ta makaranta. A wuraren da ake ƙiyasta shekarun yaro da damina ko da wani abin da ya faru a gari, kamar yadda har yanzu ake yi a ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa, lambar ƙasa ta lissafin, wato shekarun haihuwa, zato ce, kuma abin da aka raba da zato ba ya fitowa tabbas.

Haka nan nauyin aiki guda ba ɗaya ba ne a kowace shekara. Wata biyu a kan wata 110 bai kai maki biyu ba. Wata biyu a kan wata 48, wato ɗan shekara huɗu, ya haura maki huɗu. Ƙaramin yaro da kunya ta hana shi amsa tambayoyi biyu zai rasa kusan maki takwas, a daidai shekarun da kunya da tsoron baƙo suka fi yawa.

Duk da haka, tsakanin shekara biyar da goma sha biyu lissafin yana aiki gwargwado, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin an gina gwajin ne don ya yi hakan. Terman ya yi ta matsar da ayyuka sama da ƙasa, yana gwada su a kan yara kimanin dubu ɗaya, har sai da matsakaicin kowane rukuni ya faɗo kusa da 100. Matsalar tana soma bayyana ne daga inda ci gaban yara yake raguwa. Bambancin ɗan shekara uku da ɗan shekara huɗu kowace uwa tana ganin sa. Bambancin ɗan shekara goma sha huɗu da ɗan shekara goma sha biyar, a irin waɗannan tambayoyi, da ƙyar ake gane shi. Tsarin gwajin kansa ya amsa wannan laifi: bayan shekara goma, babu matakin goma sha ɗaya, sai aka tsallaka zuwa goma sha biyu da ayyuka takwas masu darajar wata uku-uku, aka sake tsallakawa zuwa goma sha huɗu da ayyuka shida masu darajar wata huɗu-huɗu. Sama da nan sai matakai biyu na manya, inda aiki guda yake kawo wata biyar, sannan wata shida. An kasa samun tambayoyin da za su raba shekarun da ke maƙwabtaka, sai aka tsawaita darajar kowace tambaya. Watan hankali a saman tsani ba shi ne watan hankali a ƙasansa ba.

Daga nan sai babbar matsala, ta manya. Shekarun haihuwa ba sa tsayawa, amma makin da matsakaicin mutum yake ci a irin wannan gwaji yana daidaita a wajen ƙarshen ƙuruciya. Mutumin da ya ci matakin shekara goma sha shida yana ɗan goma sha shida yana da 100. In ya ci daidai wannan yana da shekara 32, lissafi zai ba shi 50, in ya kai 64 kuma ya ba shi 25, alhali shi ne dai, bai manta komai ba. Maganin da Terman ya kawo shi ne a daskarar da lambar ƙasa: duk wanda ya wuce shekara goma sha shida a raba nasa da goma sha shida. Wannan ya hana abin dariya, amma ya rushe ma'anar lissafin. Ga babba, lambar ƙasa ba shekarunsa ba ce, lambar sama kuma ba shekarun kowa ba ce, domin in matsakaicin mutum yana tsayawa a goma sha shida, to babu wani rukunin mutane da za a nuna a ce ga matsakaitan 'yan shekarar hankali goma sha tara. Lamba ce da aka tara daga watannin da aka ƙaga.

Akwai kuma rufi. In mutum ya ci kowane aiki a gwajin 1916, jimillarsa shekara goma sha tara da wata shida. In aka raba da goma sha shida, ana samun 122, kuma babu babban da zai wuce nan komai kaifinsa. A ɗauki yaro mai hazaƙa wanda ya ci matakin goma sha biyu yana ɗan shekara takwas, wato 150. Don ya riƙe 150 ɗinsa yana ɗan goma sha uku, tilas ya ci gwajin kakaf ba tare da faɗuwa ko ɗaya ba, domin goma sha tara da rabi a raba da goma sha uku shi ne 150 daidai. Daga wannan shekara lambarsa sai saukowa, ko da bai taɓa kuskuren tambaya ba: 139 a shekara goma sha huɗu, 130 a goma sha biyar, 122 a goma sha shida. Iyayen da ba su san yadda aka gina gwajin ba za su ɗauka ɗansu yana dusashewa, alhali tsanin ne ya ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa.

Illar ɗora shekarun yara a kan manya ta fito fili a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Farko. A 1917 Robert Yerkes ya jagoranci masana suka shirya wa sojoji gwaje-gwaje biyu na taron jama'a, ɗaya na masu iya karatu, ɗaya na hotuna ga waɗanda ba su iya ba ko ba sa jin Turanci, aka gwada mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin. Da aka juya makin zuwa ma'aunin Terman, rahoton 1921 ya ce matsakaicin shekarun hankalin farar fata da aka ɗauka soja 13.08 ne. Tun 1910 kuma Henry Goddard na makarantar Vineland a New Jersey ya riga ya ware manya masu shekarun hankali takwas zuwa goma sha biyu a matsayin rukuni mafi sauƙi na masu raunin hankali. In aka haɗa biyun, kusan rabin sojojin za su faɗa cikin wannan rukuni. Jaridu da masu neman a taƙaita shigowar baƙi suka ɗauki maganar suka yi ta yayatawa. Ɗan jarida Walter Lippmann ne ya fito a 1922 ya nuna abin da ya kamata kowa ya gani: matsakaicin babba ba zai taɓa zama ƙasa da matsakaicin babba ba. In dubun dubatar sojoji suka ba da goma sha uku, alhali goma sha shidan an samo ta ne daga 'yan tsirarun ɗaliban sakandare da 'yan kasuwa, to ma'aunin ne yake da gyara. A gyaran 1937, wanda Terman ya yi tare da Maud Merrill, an sauko da lambar ƙasa ta manya zuwa goma sha biyar, aka kuma tanadi cewa daga shekara goma sha uku zuwa goma sha shida kashi biyu cikin uku na watannin da suka ƙaru kawai za a lissafa. Faci ne a kan faci, kuma kowane faci shaida ne cewa ci gaban ba miƙaƙƙen layi ba ne kamar yadda rabawa take zato.

A ganina, aibin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ba a gani da ido, domin yana nan har a shekarun da ake cewa lissafin yana aiki. Matsakaici na iya zama 100 a kowace shekara, amma yadda yara suke warwatsuwa a gefensa ya bambanta. Masu ƙididdiga suna da ma'aunin wannan warwatsuwa, wanda za mu kira taki: kimanin kashi biyu cikin uku na mutane suna faɗowa cikin taki ɗaya sama ko ƙasa da matsakaici, kuma kusan biyu cikin ɗari ne kawai suke wuce taki biyu ta kowane gefe. A bayanan gwajin 1937, taki ɗaya ya kai maki 12.5 a wajen 'yan shekara shida, amma ya kai maki 20 a wajen 'yan shekara goma sha biyu. A ɗauki yaron da yake taki biyu sama da sa'o'insa, kuma ya ci gaba da zama a wannan matsayi bai gusa ba. Yana ɗan shida za a rubuta masa 125, yana ɗan goma sha biyu a rubuta masa 140. Wanda yake taki biyu ƙasa kuwa zai tashi daga 75 ya koma 60. Tun da makarantu da cibiyoyi da yawa sun ɗauki 70 a matsayin iyakar da ake ware yaro, wannan yaro zai tsira a gwajin farko, a kama shi a na biyu, ba don ya ja baya a cikin tsaransa ba, sai don tambayoyin shekara goma sha biyu sun fi na shekara shida tarwatsa yara. Lambar da aka ƙirƙira don ta zama tabbatacciya a tsawon ƙuruciya ta kasa cika alkawarin da aka yi ta dominsa.

Wani masani, Louis Thurstone, ya ƙara nuna wata ɓaraka a 1926. Shekarar hankali ta takwas tana iya nufin matsakaicin makin da 'yan shekara takwas suke ci, tana kuma iya nufin makin da matsakaicin shekarun masu cin sa takwas ne. A kunne kamar magana ɗaya ce, amma a lissafi ba sa haɗuwa sai in maki da shekaru suna tafiya tare ba tare da saɓani ko kaɗan ba, abin da ba ya faruwa. Ga manya kuwa ma'ana ta biyu takan ba da shirme, domin masu cin kowane babban maki sun haɗa da ɗan ashirin da ɗan sittin.

Wanda ya kawo mafita a aikace shi ne David Wechsler, wanda yake aiki a asibitin Bellevue na New York, inda mafi yawan waɗanda ake kawo masa manya ne. Gaya wa magidanci ɗan shekara arba'in cewa hankalinsa na ɗan goma sha biyu ne bai taimaki likita da komai ba, domin mutumin yana da sana'a da iyali da gogewar da babu yaron da yake da ita. A gwajin da ya fitar a 1939 ya jefar da shekarun hankali. Ya sauya tambayar daga wane yaro ne wannan mutum ya yi daidai da shi zuwa ina yake a tsakanin sa'o'insa. Ana ɗaukar makin mutum, a cire matsakaicin makin rukunin shekarunsa, a raba da takin wannan rukuni, sannan a mayar da sakamakon kan sikelin da tsakiyarsa 100 ce. A sigar da ta zauna, taki ɗaya maki 15 ne:

```
IQ = 100 + 15 × (X − M) / SD
```

A nan X makin mutum ne, M matsakaicin sa'o'insa, SD kuma takinsu. In sa'o'insa suna cin 40 a matsakaici, takinsu 6, shi kuma ya ci 46, to yana taki ɗaya sama, wato 115, kuma ya fi kimanin 84 cikin ɗari na tsaransa. Wannan ma'ana ba ta sauyawa ko yana da shekara bakwai ko saba'in. Stanford-Binet ma ya bi sahu a bugun 1960, da takin maki 16. An riƙe tsohon suna da lambar 100 saboda mutane sun saba da su, duk da cewa rabawar da ta ba lissafin sunansa ta tafi.

Wannan canji yana da farashinsa, kuma adalci ne a faɗe shi. Sabon lissafi ba ya nuna girma. Yaron da yake 100 a shekara shida kuma 100 a shekara goma sha biyu ya koyi abubuwa masu tarin yawa a tsakani, amma lambar ba ta motsa ba, haka kuma dattijon da saurinsa ya ragu tare da na tsaransa zai ci gaba da ganin 100. Shekarun hankali, da duk aibinsu, suna gaya wa malami wane irin aiki yaro yake iya yi a yau, shi ya sa har yanzu wasu gwaje-gwajen ƙananan yara da na karatu suke ba da makin da aka kwatanta da shekaru a gefen babban sakamako, tare da gargaɗin kada a raba shi da komai.

Sanin bambancin lissafin biyu yana warware wani abu da yake yawo a kafafen labarai, wato mutanen da ake cewa suna da 200 ko fiye. A sikelin Wechsler, 200 yana nufin taki shida da kashi biyu cikin uku sama da matsakaici, abin da babu gwajin da aka kafa a kan mutane dubu biyu ko uku da zai iya tantancewa, shi ya sa gwaje-gwajen yau galibi suke tsayawa a wajen 160. Manyan lambobin nan kusan dukkansu 'ya'yan tsohuwar rabawa ne da aka yi wa ƙananan yara. Sanannen misali shi ne 228 da kundin bajinta na Guinness ya jingina wa Ba'amurkiya Marilyn vos Savant a shekarun 1980, kafin ya soke wannan rukuni a 1990. Rufin gwajin 1937 shekara 22 ne da wata goma, wato wata 274. In aka raba 274 da wata 120 na 'yar shekara goma aka ninka sau ɗari, 228 ake samu. Da mai wannan amsoshi ta zauna gwajin tana da shekara goma sha shida, ta ci komai ba tare da kuskure ba, za a raba 274 ɗin ne da wata 180, kuma takardarta za ta nuna 152.